Ƙwannafi bayan cin abinci: abin da ke dawo da shi, da lokacin da gyaran ci da kwanciya kaɗai ke isa

Mai fama da ƙwannafi ya san lokacinsa. An gama cin tuwon dare, an wanke hannu, an ɗan kishingiɗa, ba a yi awa guda ba sai zafi ya taso daga ƙahon zuci ya bi tsakiyar ƙirji ya nufi maƙogwaro. Wani lokaci gyatsa ce za ta zo da ruwa mai tsami ko ɗaci har baki. A aika yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa, a kurɓa, abin ya lafa. Gobe war haka ya dawo. Da yawa daga nan suke yanke wa kansu hukunci cewa olsa ce, su shiga shan omefirazol, maganin rage zubo ruwan tsamin ciki, wata da watanni, su haramta wa kansu yaji da tumatir da lemo, amma ranar da maganin ya ƙare ciwon na nan inda aka bar shi.

Dalilin dawowarsa shi ne, a wurin mafi yawan mutane ba yawan ruwan tsamin ciki ne matsalar ba. Tsamin daidai yake da na kowa. Matsalar ita ce yana fita daga inda aka yi shi ya hau inda ba muhallinsa ba. Magani yana rage kaifin tsamin, amma ba ya gyara ƙofar da ke barinsa ya wuce.

Yadda abin yake faruwa

Hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi tsawonta ya kai kamar santimita 25 a jikin babban mutum. A ƙarshenta, daidai inda ta haɗu da tumbi, akwai wata tsoka da ta kewaye bakin hanyar, aikinta kamar na zariyar jaka: ta saki idan loma ta iso, ta tsuke idan ta wuce. Tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki shi ma ya ɗaure wurin ta waje, yana taimaka mata. Tumbi yana da majina mai kauri da ke kare bangonsa daga asid, wato ruwan tsamin nan. Hanyar abinci ba ta da irin wannan kariya, shi ya sa ko ɗan kaɗan ya hau sai an ji raɗaɗi.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa bayan cin abinci. Na farko, idan tumbi ya cika ya buɗe, jijiyoyi sukan umarci tsokar nan ta saki na ɗan lokaci ba tare da an haɗiyi komai ba, don iska ta fita. Ita ce gyatsa. Kowa yana yin haka, amma gwargwadon cikar tumbi gwargwadon yawan sakin, kuma a wurin mai ƙwannafi ba iska kaɗai ke fitowa ba, har da ruwa. Na biyu, abincin da aka ci yana shanye asid ɗin da ya gauraya da shi, amma sabon asid da tumbi ke zubowa yakan taru ya kwanta a saman abincin, dab da ƙofar. Shi ne ke fara hawa da zarar ta buɗe. Na uku, maiƙo. Abinci mai mai da yawa yana daɗewa bai bar tumbi ba, kuma yana sa tsokar ta yi sako-sako. Abincin da aka saba yakan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin yawancinsa ya wuce hanji, wanda ya ji mai kuwa ya fi haka.

Muddin mutum yana zaune ko yana tsaye, abin da ya hau yana gangarowa da kansa, yawu kuma yana bin bayansa yana wanke hanyar, don yawu yana kashe tsami. Da an kwanta, gangara ta ƙare. Da barci ya ɗauke mutum, haɗiyar yawu ta ragu ƙwarai. Asid ɗin da da rana zai yi minti ɗaya ya koma, da dare sai ya daɗe kwance a wurin. Wannan ne ya sa ƙwannafin dare ya fi ɓarna, kuma shi ke kawo tarin dare da dashewar murya da safe.

Akwai kuma matsi daga ƙasa: teɓa, juna biyu, ɗamara ko bel da aka tsuke, sunkuyo bayan ƙoshi. Wasu kuma saman tumbinsu ne ya zame ya leƙa cikin ƙirji ta ƙofar tantanin, sai tsokar ta rabu da mataimakinta. Wannan ba a gane shi sai da gwajin asibiti, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa gyaran hali kaɗai ya gaza.

Mataki na farko: ka tabbata ƙwannafi ne, kuma ba mai haɗari ba

Kafin ka canza komai, ka tsaya a nan. Ƙwannafi zafi ne mai ƙuna a bayan ƙashin ƙirji, yana tasowa sama, yana zuwa bayan ci, yana ƙaruwa da kwanciya ko sunkuyo, yana lafawa idan an sha maganin kashe tsami. Gyambon ciki yawanci a ƙahon zuci yake tsayawa, yana cizo, sau da yawa da yunwa ko tsakar dare, kuma manyan masu kawo shi biyu ne: ƙwayar cutar da ake kira Helikobakta failori, da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, dikulofenak da asfirin. Bambancin yana da amfani, don gyambon da ƙwayar cuta ta kawo ana gwada shi ta bayan gida ko numfashi, a sha maganin kashe ƙwayar na kamar mako biyu, a rabu da shi. Ɗaga gado ba zai warkar da shi ba. Mutum ɗaya kuma yana iya haɗa su biyun.

Ciwon zuciya ma yakan yi shigar ƙwannafi. Idan abin da kake ji nauyi ne ko matsewa a ƙirji, yana zuwa in ka yi sauri ko ka hau bene, yana bi ta hannu ko muƙamuƙi, da zufa ko sarƙewar numfashi, ba kemis za ka aika ba, asibiti za a kai ka a lokacin. Mai ciwon suga ko hawan jini ya fi kowa bukatar ya kiyaye da wannan, don nasa yakan zo a ɓoye.

Sai alamomin da in akwai ko ɗaya daga cikinsu, duk abin da zan faɗa a ƙasa ya jira sai likita ya duba ka: loma tana tsaya maka a ƙirji ko haɗiya tana ciwo, kana ramewa ba da niyya ba, amai yana maimaituwa, ko da jini a ciki, bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai danƙo alhali ba ka shan maganin ƙarin jini, an ce jininka ya yi ƙasa ba a san dalili ba, ko kuwa ciwon sabo ne ya fara maka bayan ka haura shekara 50. Irin waɗannan ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki a leƙa hanyar da tumbin. Manyan asibitocin koyarwa suna yin wannan gwaji.

In babu ko ɗaya, sai a ci gaba.

Mataki na biyu: mako guda na rubutu, ba tare da canza komai ba

Mutane ba sa son wannan matakin, suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ke hana ka haramta wa kanka abin da bai yi maka laifi ba. Ka samu takarda ko ka buɗe wurin rubutu a waya. Kullum ka rubuta ƙarfe nawa ka ci, me ka ci, ka ƙoshi daidai ko ka yi nak, ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa zafin ya taso, ya tashe ka daga barci ko a'a, ka sha magani ko ba ka sha ba. Har goro da shayi da lemon kwalba da sigari su shiga lissafi.

Bayan kwana bakwai ka ƙirga kwana nawa ciwon ya zo. Likitoci suna ɗaukar kwana biyu ko fiye a mako a matsayin iyakar da abin ya tashi daga ƙwannafin da kowa kan yi jefi-jefi ya zama ciwo. Wannan adadin shi ne ma'auninka, da shi za ka gane ko gyaran da za ka yi ya yi aiki. Sau da yawa takardar da kanta take nuna mai laifin: ciwon bai zuwa bayan karin kumallo, bai zuwa da rana, sai bayan na dare. In haka ne, ba nau'in abincin ba ne, yawansa ne da lokacinsa.

Mataki na uku: agogo da malmala

Nan ne mafi yawan nasara take. Ƙa'idar ita ce awa uku tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. In kana kwanciya ƙarfe goma, ka tashi daga kan abinci ƙarfe bakwai, wato abincin dare ya koma tsakanin magariba da lisha maimakon bayan an dawo daga hira. Kishingiɗa a kan tabarma ko doguwar kujera ana kallon waya, ita ma kwanciya ce a wurin tumbi. Haka ƙailula: in za ka yi ta, ka yi kafin abincin rana, ko ka yi gyangyaɗinka a zaune.

Matsalar ita ce tsarin cin da yawanmu a juye yake. Da safe shayi da burodi ko koko, da rana a ɗan taɓa wani abu a tsaye ko a wuce ba a ci ba, da dare a zo da yunwar wuni guda a zauna wa tuwo malmala biyu ko uku, a bi da ruwa kofi biyu, wani ma ya ɗora fura. Tumbin da ya wuni a tsuke sai a buɗe shi lokaci guda, sa'annan a kwantar da shi. Ba za ka iya rage na dare ba sai ka ƙara na rana, in ba haka ba yunwa ce za ta karya maka niyya a kwana na uku. Saboda haka ka mai da babban abincinka na rana. Da dare ka ci kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na abin da ka saba, ka tashi kana jin da sauran wuri. Ka ci a hankali. Ruwa kuma ka sha kaɗan a kan abinci, ka bar mai yawan zuwa tsakanin ci da ci, don shi ma cika tumbi yake yi. Lemon kwalba mai gas ya fi muni, tunda iska yake ƙarawa, iskar kuma sai ta nemi hanyar fita.

Bayan ci, zama a miƙe ko ɗan tattaki a tsakar gida ya fi. Aikin sunkuyo, irin wanki a durƙushe, shara da gajeren tsintsiya, ɗaukar kaya mai nauyi, a yi shi kafin ci ko a jinkirta. Masu jin ruwan tsami yana taso musu a ruku'u da sujada za su ga bambanci in sun yi sallar kafin su ci, ko suka ci kaɗan suka bar sauran. A watan azumi abin yakan tsananta saboda wannan dalilin: a buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya da lemo, a ɗora abinci mai nauyi, a tafi tarawihi da ciki fam, da asuba kuma a yi sahur a koma barci nan take. Wanda ya buɗe baki da dabino da ruwa da ɗan abu mara mai, ya raba sauran cin gida biyu, kuma ya zauna bayan sahur maimakon ya miƙe a gado, yawanci yakan samu sauƙi.

Mataki na huɗu: gado

Wannan na mai ƙwannafin dare ne. A ɗaga gefen kan gado da santimita 15 zuwa 20, ta hanyar sa bulo ko katako mai ƙwari a ƙarƙashin ƙafafun gadon biyu na wajen kai. Mai kwana a katifa a ƙasa sai ya cusa wani abu a ƙarƙashin katifar, ya zama ta yi gangara tun daga kafaɗa har ƙugu. Tara matasan kai ba ya yi. Wuya kawai yake ɗagawa, ko ya lanƙwasa mutum a tsakiya ya ƙara matse cikin.

Sai ɓangaren kwanciya. Yadda tumbi yake zaune a jiki, in an kwanta ta hagu ƙofar tana sama da ruwan da ke ciki, in an kwanta ta dama ruwan yana taruwa a bakinta. Na san da yawa sun saba fara kwanciya ta dama saboda sunna. Ana iya farawa da daman a yi addu'a, in barci ya zo a juya hagu. Kuma wanda ya kiyaye awa ukun nan, tumbinsa ya riga ya sauke mafi yawan kayansa, ɓangaren da ya kwanta bai cika damunsa ba.

Mataki na biyar: teɓa, taba, da magungunan da kake sha

Cikin duk gyare-gyaren nan, rage ƙiba ne ya fi samun goyon bayan bincike, musamman kitsen ciki. Gwajin gida mai sauƙi: ka auna kewayen cikinka da tef ɗin tela daidai wajen cibiya, kada ya kai rabin tsayinka. Mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85. Ba sai an koma siriri ba. Wanda ciwon ya fara masa bayan ya ƙara kilo shida ko takwas, sauke waɗannan kilon kaɗai yakan isa. Sai dai wannan aikin watanni ne, kada ka sa ran ganin amfaninsa a mako huɗu. Wanda ba shi da ƙiba kuwa, ramewa ba za ta ƙara masa komai ba.

Taba, ko sigari ko shisha, tana sassauta tsokar kuma tana rage yawu. Giya ma tana sassauta ta.

Abin da ake yawan mantawa shi ne magani. Wasu magungunan hawan jini, irin nifedifin da amlodifin, suna sassauta tsokar ƙofar kamar yadda suke sassauta jijiyoyin jini. Magungunan ciwon jiki da na ambata suna cin bangon ciki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta dokisisaikilin da ƙwayar ƙarin jini, in aka haɗiye su da ɗan ruwa kaɗan aka kwanta, sukan maƙale su ƙona hanyar. Irin waɗannan a sha su da cikakken kofin ruwa, a zaune, kada a kwanta sai bayan rabin awa. Na hawan jini kuwa kada ka kuskura ka daina da kanka. Ka gaya wa likitan da ya rubuta, akwai wasu da zai iya musanya maka.

Mataki na shida: abinci, ɗaya bayan ɗaya

Da gangan na bar wannan a baya, ko da yake da shi kowa ke farawa. Doguwar takardar haramci da ake ba masu ƙwannafi ba ta da ƙarfin hujja irin na matakan da suka gabata, kuma tana sa mutum ya gaji ya watsar da komai. Abin da ke tayar wa wani ba shi ke tayar wa wani ba.

Waɗanda aka fi zargi iri biyu ne. Akwai masu sassauta ƙofa ko jinkirta tumbi: soye-soye, miyar da mai ke yawo a kanta, kitsen balangu da tsire, man shanu, cakulan, na'a-na'a, kofi, shayi mai kauri, da goro, wanda yake ɗauke da sinadarin kafeyin irin na kofi. Akwai kuma waɗanda ba sa buɗe ƙofar, amma suna yi wa hanyar da ta riga ta yi ja zafi in sun wuce: attaruhu, yaji, tumatir, lemon tsami, tsamiya, zoɓo. Ka duba takardarka, ka zaɓi guda ɗaya da ya fi fitowa kafin ciwon, ka bar shi mako biyu. In babu bambanci ka mai da shi, ka gwada wani. A ganina a fara da mai kafin yaji, don sau da yawa yaji ake ɗora wa laifin da man da aka soya shi a ciki ya yi.

Dabarun gida biyu suna bukatar magana. Madara tana sanyaya wurin na ɗan lokaci, amma maiƙonta da furotin ɗinta suna sa tumbi ya ƙara zubo asid daga baya, balle in an sha ta dab da kwanciya. Jiƙon kanwa kuwa da gaske yana kashe tsami, shi ya sa ake jin daɗinsa nan take. Amma haɗuwarsa da asid tana haifar da iska, iskar ta buɗe tumbi, a yi gyatsa, ƙofar ta sake buɗewa. Ga shi kuma kanwa cike take da gishirin sodiyam, wanda ba ya yi wa mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu kyau. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa. Ba abin mayarwa maganin kullum ba ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki ɗan kasuwa mai shekara 42, tsawonsa santimita 172, kewayen cikinsa 98. Ba ya ramewa, haɗiya lafiya lau, bayan gida ba baƙi, ba ya shan maganin komai sai na kashe tsami. Takardarsa ta makon farko ta nuna ciwon kwana biyar cikin bakwai, uku daga ciki ya tashe shi wajen ƙarfe ɗayan dare. Da safe shayi da burodi, da rana goro da lemon kwalba da ɗan abin da aka samu, ƙarfe tara da rabi na dare tuwo malmala biyu da miyar da ta ji mai, wani lokaci da tsiren da ya tsaya ya saya a hanya, ƙarfe goma da rabi yana gado. Tazarar awa ɗaya ke nan.

Ba za a ce masa ya bar yaji ba tukuna. Mako na ɗaya da na biyu abu uku kawai zai yi: a kai masa cikakken abinci shago da azahar, a gida a zuba masa malmala ɗaya ya ci da ya dawo daga sallar magariba, a sa bulo a ƙarƙashin kan gado. Tsire in yana so ya koma na rana. Wahalar da zai fara haɗuwa da ita ba ta ciki ba ce, ta gida ce: sai uwargida ta yarda girkin dare ya sauka da wuri, shi kuma ya daure ya ƙi sa hannu in an kawo wani abu wurin hira. In yunwa ta matsa masa wajen tara, ayaba ɗaya ko ɗan kunu mara tsami rabin kofi bai kai tuwo nauyi ba.

A ce a ƙarshen mako na biyu kwanakin ciwon sun sauko daga biyar zuwa uku, tashin dare ya tsaya. Sauran ukun duk da la'asar suke zuwa. Ya duba takarda, ya ga suna bin lemon kwalba da goron da yake ci bayan abincin rana. Mako na uku ya bar lemon, ya rage goron. A ƙarshen mako na huɗu ciwon ya koma sau ɗaya a mako, ranar da aka yi walima ya ci ya yi nak, kuma cokali biyu na maganin kashe tsami ya kwantar da shi. Wannan mutum gyaran hali ya ishe shi. Abin da ya rage masa shi ne cikin nan mai santimita 98 ya nufi 86 a hankali, don in ya sauka zai iya samun sassauci a sauran dokokin.

Da a ce bayan mako huɗun, duk da ya kiyaye, har yanzu kwana huɗu ne a mako kuma yana tashi da dare yana tari, to hukuncin ya canza.

Yaushe ya isa, yaushe bai isa ba

Gyaran ci da kwanciya kaɗai yakan riƙe ciwon idan yana zuwa jefi-jefi ko bai yi tsanani ba, yana da sanadi da ake gani a takarda, babu alamar haɗari, kuma bayan mako huɗu zuwa shida ya sauko ƙasa da kwana biyu a mako, barci ya daidaita. Irin wannan mutum ya ajiye maganin kashe tsami don ranar da ta ɓaci. Masu ɗauke da alginet sun fi dacewa da bayan ci, don suna yin kumfa mai kauri da ke rufe saman asid ɗin nan da ya taru a bakin ƙofa. A raba su da sauran magunguna da awa biyu, musamman ƙwayar ƙarin jini da maganin kashe ƙwayoyin cuta sifurofulokzasin, don suna hana jiki ɗaukarsu. Mai ciwon ƙoda kada ya sha masu magniziyam sai da izinin likita. Mai juna biyu ma yawanci a wannan rukunin take: nata ciwon na sinadaran ciki ne da matsin jariri, ci kaɗan-kaɗan da ɗaga gado da alginet sukan riƙe ta, kuma galibi yana tafiya bayan haihuwa.

Ba ya isa idan an leƙa an ga hanyar ta ƙuje sosai, ko ta ƙuntata saboda tabo, ko fatar ƙasanta ta canza kama saboda daɗewar ƙuna, wanda likitoci ke bibiya don a wasu ƙalilan yakan kai ga daji. Ba ya isa kuma idan babban yanki na tumbi ya haye ƙirji. Waɗannan suna bukatar magani na dogon lokaci, wasu ma tiyata, gyaran hali kuwa ya zama mataimaki.

Tsakanin waɗannan biyun akwai mutum irin ɗan kasuwar nan in gwajinsa bai yi ba. Abin da aka saba yi masa shi ne a ba shi omefirazol miligiram 20, ko ɗan'uwansa, sau ɗaya a rana na mako huɗu zuwa takwas. Yadda ake shan sa ne mutane ke kuskurewa. Ba maganin da ake sha in zafi ya taso ba ne. Ana shan sa minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kullum, domin yana kama injinan zubo asid ne a lokacin da abinci ya tashe su, kuma yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Mai azumi ya sha kafin sahur ko kafin babban abincin dare. Ranitidin da aka saba da shi a da, ƙasashe da yawa sun janye shi daga kasuwa a 2019 da 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki, famotidin ne ya maye gurbinsa.

In wa'adin ya cika, kada a yanke shi rana ɗaya. Tumbin da aka danne makonni yakan rama da zubo asid fiye da da na mako ɗaya zuwa biyu, sai mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ya koma kan maganin, shekara ta zagayo yana sha. A rage shi zuwa kwana ɗaya a sha kwana ɗaya a huta na kamar mako biyu, a toshe giɓin da alginet, ana riƙe da awa ukun da bulon gado. In bayan wannan ciwon ya dawo da ƙarfinsa cikin 'yan watanni, ko kuwa tun farko mako takwas na shan magani yadda ya kamata bai kwantar da shi ba, lokacin gwajin kyamara ya yi, tare da gwajin Helikobakta. Shi gwajin ƙwayar cutar ta bayan gida ko numfashi yana bukatar a dakatar da omefirazol mako biyu kafin a yi, in ba haka ba yana iya nuna babu alhali akwai.